Magaji da magabaci a bishiyar bincike: hawa daga ƙasa ko sauka daga saiwa

Tambayar a baki ƙarama ce. Kana riƙe da ƙulli ɗaya a cikin bishiyar bincike mai reshe biyu, kana son ka san wane ƙulli ne yake biye da shi idan aka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, da kuma wanda yake gabansa. Na bayan shi ne magaji, na gaban shi ne magabaci. Jerin da ake nufi shi ne wanda za ka gani an rubuta `inorder` a cikin shirye-shirye: a gama da reshen hagu kaf, a ziyarci ƙullin kansa, sannan a shiga reshen dama. Ana koyar da hanyoyi biyu na samo amsar, ɗaya idan kowane ƙulli yana da manuni mai nuna ubansa, ɗaya idan ba shi da shi, kuma yawanci ana gabatar da su kamar hanya biyu ce zuwa kasuwa ɗaya. Ni ban yarda da haka ba gaba ɗaya. Ta farko tana amsa tambayar "wa ke biye da wannan ƙullin a inda yake zaune?", ta biyu kuma tana amsa "wace lamba ce mafi ƙanƙanta da ta fi wannan lambar?". Sau da yawa amsar takan zo ɗaya, shi ya sa ba a lura, amma akwai ranar da suke rabuwa, kuma ranar ce shiri yake lalacewa ba tare da ya yi ko tari ba.

Bari mu kafa bishiya guda mu zauna a gindinta har ƙarshe. A ce makin ɗalibai ne aka shigar ɗaya bayan ɗaya: 50, 30, 70, 20, 40, 60, 80, 35, 45, 65. Ƙa'idar ita ce duk abin da ke hagun ƙulli bai kai shi ba, duk abin da ke damansa ya fi shi.

```
           50
         /    \
       30      70
      /  \    /  \
    20    40 60   80
         /  \  \
        35  45  65
```

Idan aka jera su, ga abin da zai fito: 20, 30, 35, 40, 45, 50, 60, 65, 70, 80. Dubi 45 da 50. A jeri maƙwabta ne, katanga ɗaya, amma a bishiya ɗaya yana can ƙasa, ɗaya kuma shi ne saiwa, taki uku tsakaninsu. Dubi kuma 30 da 40: uba da ɗa ne, amma 35 ya shiga tsakaninsu. Kusanci a bishiya daban, kusanci a jeri daban, kuma duk aikin neman magaji shi ne cike wannan ratar.

Yanayi na farko ba shi da wahala, kuma bai damu da manunin uba ba. Idan ƙullin yana da reshen dama, magajinsa yana cikin reshen nan. Dalili kuwa, jerin ya ce da zarar an ziyarci ƙulli sai a shiga damansa, kuma wanda za a fara ziyarta a cikin kowane reshe shi ne wanda ya fi kowa karkata hagu. Saboda haka taki ɗaya dama, sannan hagu, hagu, har hanya ta ƙare. Magajin 30: dama zuwa 40, hagu zuwa 35, babu sauran hagu, amsa 35. Magajin 50: dama zuwa 70, hagu zuwa 60, a tsaya. Lura cewa 60 yana da ɗa a dama, wato 65, amma wannan bai shafe mu ba. Masu koyo da yawa suna ɗauka sai an kai ganye ake tsayawa, sai su zarce zuwa 65. Abin da ake nema ƙulli ne marar ɗan hagu, ko yana da na dama ko ba shi da shi.

Inda magana take shi ne idan babu reshen dama. A nan ƙullin shi ne na ƙarshe a wani yanki na bishiyar, an gama da yankin, dole a koma sama. Wa ake komawa wurinsa? Ɗauki 45. Ubansa 40 ne, amma 45 ɗan dama ne, wato an riga an ziyarci 40 kafin a iso gare shi. Sai a ƙara hawa. Uban 40 shi ne 30, kuma 40 ma ɗan dama ne, an gama da 30 tun tuni. A ƙara hawa. Uban 30 shi ne 50, kuma wannan karon 30 ɗan hagu ne. Ma'ana 50 yana zaune yana jiran a gama da hagunsa kafin a zo kansa, ga shi kuma yanzu aka gama. Shi ne magaji. Ƙa'idar ke nan: ka yi ta hawa muddin daga dama kake fitowa, kakan farko da ka iso wurinsa daga hagu shi ne amsa. In ka hau har ka wuce saiwa ba ka taɓa fitowa daga hagu ba, babu magaji, ƙullinka shi ne mafi girma. Haka 80 yake: ɗan daman 70 ne, 70 kuma ɗan daman 50, sama da 50 babu kowa.

```python
def magaji(x):
    if x.right is not None:
        x = x.right
        while x.left is not None:
            x = x.left
        return x
    uba = x.parent
    while uba is not None and x is uba.right:
        x = uba
        uba = uba.parent
    return uba
```

Ina son mai karatu ya tsaya ya dubi wannan ɗan shirin da kyau, domin akwai abin da babu a cikinsa. Babu inda aka taɓa `key`, wato lambar ƙullin. Ba a kwatanta lamba da lamba ko sau ɗaya ba. Abin da aka tambaya kawai shi ne "ni ɗan dama ne ko ɗan hagu?", kuma an yi tambayar da `is`, wato ana duba ko ƙullin nan shi ne wancan da kansa, ba wai ko lambarsu ɗaya ba. Saboda haka shirin zai yi aiki a kan kowace bishiya mai reshe biyu, ko da lambobinta a hargitse suke, ko da ma babu lambobi, kamar bishiyar da ake wakiltar lissafi da ita, alamar tarawa a sama, abubuwan da ake tarawa a ƙasa. Siffar bishiyar kaɗai yake karantawa.

Magabaci madubin wannan ne, duk inda aka ce dama a mayar da shi hagu. In akwai reshen hagu, taki ɗaya hagu sannan dama har ƙarshe: magabacin 50 shi ne 30, 40, 45, amsa 45. In babu, a hau muddin daga hagu ake fitowa: 60 ɗan hagun 70 ne, a wuce, 70 ɗan daman 50 ne, amsa 50. Kuskuren da na fi gani a nan na kwafe ne. Mutum ya kwafi shirin magaji, ya sauya `left` da `right` a wurare huɗu, ya manta na biyar, kuma gwajinsa ya wuce lafiya domin bishiyar gwajin ƙulli uku ce kawai. Gwajin da ke kama wannan mai sauƙi ne: ga kowane ƙulli mai magaji, magabacin magajinsa dole ya zama shi kansa.

To, idan babu manunin uba fa? Ƙullin da ke hannunka bai san inda ya fito ba. In ba shi da reshen dama, daga shi babu hanyar zuwa ko'ina, dole a ba ka saiwa ka faro daga sama. Dabarar ita ce ka sauko kamar kana neman lambar, kana riƙe da ɗan takara guda a zuciya. Duk lokacin da ka tarar da ƙullin da ya fi lambarka, ka ɗauke shi a matsayin ɗan takara, ka karkata hagu ko za a samu wanda ya fi shi kusa. In bai fi ta ba, ka wuce dama ba tare da ka taɓa ɗan takarar ba. Idan hanya ta ƙare, wanda ke hannunka shi ne magaji.

```python
def magaji_daga_saiwa(root, k):
    amsa = None
    while root is not None:
        if root.key > k:
            amsa = root
            root = root.left
        else:
            root = root.right
    return amsa
```

Mu bi 65 da shi. A 50, bai fi ba, dama. A 70, ya fi, a riƙe 70, hagu. A 60, dama. A 65 kansa, bai fi kansa ba, dama, babu kowa. Amsa 70. Mu bi 30: a riƙe 50, hagu, a 30, dama, a 40, ya fi, a saki 50 a riƙe 40, hagu, a 35, ya fi, a saki 40 a riƙe 35, hagu, hanya ta ƙare. Amsa 35. Ka ga wannan madauki ɗaya ya haɗiye yanayin biyu duka, ba a ma buƙaci a tambayi ko akwai reshen dama ba. Sannan akwai alaƙa tsakaninsa da hanyar hawa wadda idan ka gan ta ba za ka sake haddace komai ba. Kakan farko da mai hawa yake isa wurinsa daga hagu, shi ne wuri na ƙarshe da mai sauka ya karkata hagu. Hanya ɗaya ce, wani ya biyo ta daga gari zuwa gona, wani daga gona zuwa gari, mararrabar da suke nema guda ce. Manunin uba ba wani sabon ilmi yake ba ka ba, hanyar da aka bi aka sauko ce aka rubuta a jikin ƙullin domin kada a sake biyo ta.

Hanyar sauka tana da wata baiwa da ta hawa ba ta da ita: lambar da kake tambaya a kai ba dole ne tana cikin bishiyar ba. Tambayi magajin 47, wanda babu shi. A riƙe 50, sannan 30, 40, 45 duk dama, amsa 50. Wannan ita ce tambayar da `upper_bound` yake amsawa a `std::map` na C++, da `higherKey` a `TreeMap` na Java. Don magabaci kuwa, sai a juya: a riƙe ƙullin da bai kai lambar ba, a karkata dama, wanda Java ke kira `lowerKey`. Idan kana da jadawalin tashin motoci kana son sanin wadda za ta tashi bayan ƙarfe 9:40, ba ka da ƙulli a hannu, agogo kawai gare ka, kuma manunin uba ba zai amfana maka komai ba.

Amma baiwar da kuɗinta take tafe. Hanyar sauka ta dogara kacokan ga kwatanta lambobi, saboda haka tana buƙatar abu biyu: bishiyar ta kasance a kan ƙa'idar bincike, kuma lambobin su bambanta. In sharaɗin farko ya faɗi, wato bishiya ce kawai marar tsari, babu abin da zai gaya maka hagu za ka bi ko dama, dole ka zagaya bishiyar bisa jeri kana tuna wanda ka ziyarta na ƙarshe, har ka iso ƙullinka. Wanda ka bari a baya shi ne magabaci, wanda za ka taka a gaba shi ne magaji, kuma aikin ya tashi daga tsayin bishiya zuwa yawan ƙullayenta gaba ɗaya.

Sharaɗi na biyu shi ne wanda ya taɓa cin mini yini guda, shi ya sa zan daɗe a kansa. Na rubuta wani ɗan shiri mai jera ɗalibai bisa makinsu, da na buga jerin sai na ga sunaye ba su kai yawan ajin ba. Babu saƙon kuskure, babu tsayawa, kawai wasu yara sun ɓace daga takarda. Ga abin da ya faru, a kan bishiyarmu. A ce ɗalibi na biyu ya samu 40, kuma dokar shigarwa ta ce wanda ya yi daidai ya bi dama. Zai sauko 50, 30, 40 na farko, dama zuwa 45, sannan hagu. Ya zama ɗan hagun 45. Jerin gaskiya yanzu shi ne 35, 40, 40, 45, 50. Kira `magaji_daga_saiwa` a kan 40 na farko: a riƙe 50, a wuce 30, a wuce 40, a riƙe 45, a iso 40 na biyu, bai fi 40 ba, a wuce shi. Amsa 45. An tsallake ɗalibi guda, kuma shirin bai yi laifi ba, tambayar da aka yi masa ya amsa: lamba mafi ƙanƙanta da ta fi 40.

Abin da hannu yake fara kaiwa gare shi shi ne a mayar da `>` ya zama `>=`. Gwada ka gani: a riƙe 50, a wuce 30, a iso 40 na farko, ya cika sharaɗi, a riƙe shi, hagu zuwa 35, dama, ƙarshe. Magajin 40 ya zama 40 ɗin nan dai, madaukin da ke bin jerin kuma ba zai taɓa fita ba. Akwai kuma wani salo da ake yawan rubutawa, wanda yake fara duba reshen dama, in babu sai ya sauko daga saiwa ya tsaya da zarar ya ga lambar da ta yi daidai. Shi wannan zai ba da amsa daidai a kan 40 na farko, domin ɗan karkata hagu na reshen damansa shi ne 40 na biyu. Amma tambaye shi magajin 40 na biyu: ba shi da dama, a sauko, a riƙe 50, a wuce 30, a ga 40, a tsaya, ana zaton an iso. Ba a iso ba, takwaransa ne. Amsa 50, kuma wannan karon 45 ne ya ɓace. Shirin hawa da manunin uba bai san da wannan matsalar ba sam: 40 na biyu ɗan hagun 45 ne, amsa 45, shi ke nan.

Wani zai ce ai sai a ci gaba da bin dama idan lamba ta yi daidai, har a iso ƙullin kansa. Wannan yana aiki a bishiyar da ba a taɓa juya ta ba. Amma bishiyoyi masu daidaita kansu, irin AVL da mai ja da baƙi, suna juya rassa domin rage tsayi, kuma juyi biyu sun isa su ɗaga 40 na biyu sama su bar na farko a hagunsa. Jerin bai sauya ba, amma dokar "daidai ya bi dama" ta rushe, sai ka koma laluben ɓangarori biyu. Maganin da na yarda da shi shi ne a hana daidaiton tun daga tushe. Ko dai a haɗa makin da lambar rajistar ɗalibi a kwatanta su tare, maki da farko, rajista idan maki ya zo ɗaya, ko kuma a tara masu maki ɗaya a cikin ƙulli guda. Alamar da za ka gane wannan cutar da ita ma ba ɓoyayya ba ce: ka ƙirga sau nawa ka kira magaji daga na farko har ka samu `None`, ka kwatanta da yawan abin da ka shigar. In ba su zo ɗaya ba, fara da duba maimaitattun lambobi.

Yanzu batun tsada. Kira guda, ta kowace hanya, bai wuce tsayin bishiya ba, abin da ake rubutawa `O(h)`. A bishiya daidaitacciya mai ƙulli miliyan 1, tsayin kusan 20 ne, a mai ja da baƙi kuma ba zai haura kusan 40 ba ko a mafi munin hali. In kuwa aka shigar da lambobi a jere cikin bishiyar da ba ta daidaita kanta, za ta miƙe kamar gora, tsayinta ya zama yawan ƙullayenta, hanyoyin biyu duka su ji jiki. A kira ɗaya ke nan kusan kunnen doki suke. Bambancin yana fitowa ne idan za ka bi jerin gaba ɗaya, magaji bayan magaji. Mu ƙirga takun mai manunin uba a bishiyarmu ta asali. Daga saiwa zuwa 20 taki 2. Daga 20 zuwa 30 taki 1, zuwa 35 taki 2, zuwa 40 taki 1, zuwa 45 taki 1, zuwa 50 taki 3, zuwa 60 taki 2, zuwa 65 taki 1, zuwa 70 taki 2, zuwa 80 taki 1, sannan taki 2 na hawa kafin a tabbatar an gama. Jimla 18. Bishiyar tana da ƙulli 10, wato mahaɗa 9 tsakanin uba da ɗa, kuma 18 ninkin 9 ne. Ba dace ba ne: kowace mahaɗa sau ɗaya ake sauka ta kanta, sau ɗaya ake hawa. Komai girman bishiya da siffarta, matsakaicin kira ɗaya bai kai taki 2 ba, ko da wani kiran ya yi tsawo. Mai faro wa daga saiwa kuwa, na ƙirga masa kwatance 36 a kan wannan 'yar bishiyar. A ƙulli miliyan 1, ana maganar taki miliyan 2 a gefe guda da kwatance wajen miliyan 20 a ɗaya gefen, kuma idan abin da ake kwatantawa dogayen sunaye ne, kowane kwatance da nauyinsa.

Wannan ne ya sa manyan ma'ajiyoyin shirye-shirye da ke ba ka damar tafiya gaba da baya a cikin bishiya suka ajiye manunin uba. `TreeMap` na Java yana da shi a kowane ƙulli. A cikin Linux, `rb_next` da `rb_prev` tsarinsu ɗaya ne da shirin hawa da muka gani a sama, har ma sun yi wata dabara ta tsimi: launin ƙullin, ja ko baƙi, a cikin manunin uban ake cusa shi, a filin da suka kira `__rb_parent_color`, domin adireshin ƙulli kullum yana ƙarewa da sifili a ƙananan gurabensa, sai aka ari gurbin.

To me ya sa ba kowa ke ajiye shi ba? Na farko wuri: a na'ura mai bit 64 manuni bayit 8 ne, ƙulli miliyan 1 ya ci megabayit 8. Wannan ba shi ne babban abin ba a wurina. Babban shi ne cewa manunin uba magana ce da aka faɗa sau biyu, uba ya ce wannan ɗana ne, ɗa ya ce wancan ubana ne, kuma duk lokacin da aka taɓa bishiyar dole a gyara bakin biyu. Juyi guda yana sauya uban ƙullaye har uku: wanda ya hau, wanda ya sauka, da reshen tsakiya da ya sauya gida. Na ukun nan shi ake mantawa. Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: bincike zai ci gaba da aiki lafiya lau, domin shi sauka kawai yake yi, ba ya duba uba. Sai ranar da aka kira magaji, ya hau ta tsohuwar hanya, ya tsallake wani yanki ko ya shiga kewaye. Duk wanda ya sa manunin uba, ya rubuta ɗan gwaji mai zagaya bishiya yana tabbatar da `x.left.parent is x` da `x.right.parent is x`, ya kira shi bayan kowace shigarwa da gogewa a lokacin gwaji. Akwai kuma inda manunin ba zai yiwu ba sam. A bishiyoyin da ba a sauya su sai dai a gina sabuwa mai raba rassa da tsohuwa, kamar `Data.Map` na Haskell, reshe ɗaya yana iya zama ƙarƙashin iyaye da yawa a lokaci guda, babu uba ɗaya da za a nuna. Can sauka daga saiwa ake yi, da `lookupGT` da `lookupLT`.

Akwai tsaka-tsaki. In matsalar ita ce ƙulli bai tuna hanyarsa ba, mai tafiyar yana iya tuna ta da kansa. Sai ya riƙe tari na kakannin da ya karkata hagu a wurinsu, na baya-bayan nan a sama. A bishiyarmu, idan yana tsaye a 35, tarin yana ɗauke da 50 a ƙasa, 40 a sama. Magaji shi ne na saman: a ciro 40, sannan a ɗora ɗansa na dama da duk zuriyar hagunsa, a nan 45 kaɗai. Saurin daidai yake da na manunin uba, ba a kwatanta lamba, maimaici ba ya rikita shi, wurin da ake ci kuma tsayin bishiya ne kawai maimakon bayit 8 a kowane ƙulli. Rauninsa shi ne tarin hoton bishiyar ne a lokacin da aka ɗauka, in aka shigar ko aka goge wani abu a tsakiyar tafiya, hoton ya tsufa. Kuma ba za a miƙo maka ƙulli daga tsakiya ka ci gaba daga nan ba sai ka sake gina tarin daga saiwa. Wata tsohuwar dabara, ta Perlis da Thornton a 1960, ta lura cewa bishiya mai ƙulli `n` tana da manunai `n + 1` da ba sa nuna komai, sai ta ce a sa na dama da ke wofi ya nuna magaji kai tsaye, na hagu kuma magabaci, da 'yar alama mai bambanta zare da ɗa na gaske. A bishiyarmu daman 45 zai nuna 50, hawa uku ya koma taki ɗaya.

Wuri na ƙarshe da magaji yake shiga aiki shi ne gogewa, kuma nan ma bambancin ƙulli da lambarsa yana sake ɗago kai. In za a goge ƙulli mai 'ya'ya biyu, kamar 30, magajinsa ne yake hawa kujerarsa, hanyar da ake dangantawa da Hibbard tun 1962. Tunda akwai reshen dama, yanayi na farko ne, ba a buƙatar hawa. Magajin, 35, tabbas ba shi da ɗan hagu, domin da yana da shi da ba a tsaya a kansa ba, saboda haka cire shi daga tsohon wurinsa abu ne mai sauƙi. Magabaci ma zai yi wannan aikin daidai wa daida. Abin lura shi ne yadda ake hawa kujerar. Ana iya kwafe lambar 35 a zuba cikin ƙullin 30 a jefar da tsohon ƙullin 35, ko kuma a ɗauko ƙullin 35 ɗungurungum a sake ɗaura manunansa a sabon wuri. Na farko ya fi sauƙin rubutu, amma ka tuna da mai tafiyar da ke tsaye a 30 wanda ya riga ya ajiye ƙullin 35 a matsayin na gaba: an jefar da abin da yake riƙe da shi. `TreeMap` kwafe yake yi, shi ya sa a cikin `remove` na mai tafiyarsa akwai layin da ke duba ko ƙullin da za a goge yana da 'ya'ya biyu, in haka ne sai ya mayar da na gaba ya zama wannan ƙullin da kansa, tunda can lambar magajin za ta koma. `std::map` kuwa an yi alƙawari a ƙa'idar C++ cewa gogewa ba za ta ɓata mai nuna wani ƙulli daban ba, saboda haka ba shi da zaɓin kwafe, dole ya kwance ƙullin 35 ya ɗaura shi a gurbin 30, ya gyara manunin 50 zuwa gare shi, ya ba shi 20 da 40 a matsayin 'ya'ya, sannan ya gyara manunin uba na su ukun.